"Wannan Karon Ba Zan Iya Ba": Yadda Ake Hana Aboki Rance Ba Tare da An Ɓata Ba

Akwai wata irin gaisuwa da kowa ya san abin da ke biye da ita. An tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi aiki da gajiya, an kuma dawo an sake tambayar gida. Sai a ɗan yi shiru, murya ta yi ƙasa: "Dama wata 'yar magana ce ke tafe da ni." Tun kafin a ambaci adadin kuɗin, wanda aka zo wurinsa ya soma lissafi a zuci. Ya san abin da ke cikin asusunsa, ya san abin da ke jiran kuɗin, ya kuma san cewa mutumin da ke zaune gabansa sai da ya danne kunya mai yawa kafin ya buɗe baki.

Irin wannan zama ya yawaita a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira dubu ɗaya a gidajen mai da yawa kafin ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ga shi mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli Naira dubu 70 ne kacal. Sakamakon haka, mai neman rance da wanda ake nema a wurinsa sau da yawa halinsu ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne ɗaya an yi masa albashi jiya, ɗayan kuma mai gidan haya ya aiko masa yau.

Duk wanda ya lura da yadda abokai ke rabuwa a kan kuɗi zai ga cewa ba kasafai hanin kansa ke raba su ba. Abin da ke raba su shi ne yadda aka yi hanin: jan rai, ɓuya, ƙaryar da ta tonu daga baya, ko wa'azin da ba a nema ba.

Me ya sa hanin ke da nauyi haka

A tsakanin 1988 da 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana bin diddigin yadda gidaje kusan 200 ke ba da rance da karɓarsa. Abin da ya gano ba zai ba mutumin karkara mamaki ba, amma ya fito da shi fili. Kusan duk rancen tsakanin maƙwabta da dangi ake yinsa. Galibi babu takarda, babu jingina, sau da yawa ma ba a yanke ranar biya. Gida ɗaya zai iya zama mai bin bashi kuma wanda ake bi a shekara guda. Wani abin lura kuma shi ne abin da ake biya yana bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga. Idan ambaliya ko ciwo ya faɗa wa wanda ya ci bashin, sai a sassauta masa. Idan kuwa mai kuɗin ne masifa ta samu, sai wanda ya karɓa ya gaggauta, har ya ƙara wani abu a kai.

Wannan ya nuna cewa rance tsakanin abokai wata yarjejeniya ce da ba a faɗa da baki: yau na tallafe ka, gobe ka tallafe ni. Shi ya sa ake cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya zo neman Naira dubu 50 yana neman kuɗin, amma a ƙarƙashin haka yana tambaya ko har yanzu yana cikin waɗanda ake tsaya wa. Idan aka ce masa "babu" a bushe, abin da kunnensa ke ji shi ne an cire shi daga wannan sahun.

Saboda haka aikin mai hani kashi biyu ne. Ya ƙi ba da kuɗin a fili yadda ba za a yi masa mummunar fahimta ba, ya kuma nuna a aikace cewa yarjejeniyar tana nan daram. Yawancin mutane sukan yi ɗaya su bar ɗayan. Wani zai hana da kakkausar murya don kada a sake dawowa. Wani kuma kara ce za ta hana shi faɗin gaskiya, sai ya yi ta kewaye-kewaye har abokin ya gaji.

Zillewa ta fi hani ciwo

Na biyun nan ya fi yawa, domin tarbiyyar kunya da kawaici ba ta koya wa mutum kallon idon abokinsa ya ce a'a ba. Sai ka ji an ce, "Bari in duba," ko "Ka taɓa ni gobe da yamma," ko "Ina jiran wasu kuɗi, in sun shigo zan neme ka." Mai faɗin haka ya san babu abin da zai duba. Yana fatan abokin zai gane da kansa ya janye.

Matsalar ita ce wanda ke cikin matsi ba ya jin kinaya. Duk kalmar da ke da ƙofar fata, alkawari yake ɗaukarta. Zai daina neman wata hanya, zai ce wa mai binsa kuɗi ya saurare shi zuwa Juma'a, wataƙila har ya gaya wa matarsa an dace. Ranar Juma'a ya kira, waya ta yi ta ringin ba a ɗauka. Yanzu ya yi asarar kwana huɗu ko biyar da zai iya buga wata ƙofar, ya zama maƙaryaci a idon mai binsa, ya kuma gane cewa abokinsa gudunsa yake yi. Da an faɗa masa gaskiya ranar Litinin, da ɓacin ran yini ɗaya ne.

Ƙarya ma tana da nata tsadar. A wani bincike da aka wallafa a 2011, masana uku, Jean-Marie Baland da Catherine Guirkinger da Charlotte Mali, sun duba littattafan wasu ƙungiyoyin adana kuɗi da ba da lamuni a Kamaru. Sun tarar kusan ɗaya cikin biyar na rancen da aka bayar, masu karɓarsa suna da ajiyar da ta kai adadin a ƙungiyar. Wato mutum yana da kuɗinsa a ajiye, amma ya je ya ci bashi yana biyan kuɗin ruwa. Da aka tambayi dalili, sai aka ji cewa suna yin haka ne don su nuna wa 'yan uwa da abokai cewa su ma bashi ke kansu, a ƙyale su. Mutane sun gwammace su yi asarar kuɗi da su furta kalmar hani.

A nan gida, wayar hannu ta rushe tsofaffin uzurori. A da mutum kan ce banki ya tashi, ko bai fito da kuɗi ba. Yanzu da OPay da Moniepoint da masu POS a kowane lungu, kowa ya san tura kuɗi aikin minti ɗaya ne. Wanda ya ce sabis ne ya hana, gobe za a tambaye shi ko sabis ɗin ya dawo. Wanda kuma ya rantse ba shi da ko sisi, ranar da aka ga an sauke buhun shinkafa a ƙofar gidansa ya shiga uku, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar da aka haɗa da rantsuwa.

Malamai kan tunatar cewa addini bai ɗora wa kowa ba da abin da ba zai iya ba, amma ya tsara yadda ake mayar da mai buƙata. Aya ta 28 a Suratul Isra'i ta yi magana a kan mutumin da mabuƙata suka zo wurinsa alhali ba shi da abin bayarwa, yana dai sauraron buɗi daga Ubangijinsa. Umarnin da aka ba shi shi ne ya yi musu magana mai taushi. Aya ta 263 a Suratul Baƙara kuma ta fifita kyakkyawar magana a kan sadakar da gori ke biye da ita.

Malamin makaranta da abokinsa tela

A ɗauki misalin wasu abokai biyu a Kano da suka tashi unguwa ɗaya. Ɗaya malamin sakandare ne, ɗayan tela. Suna cikin adashi guda na mutum goma, kowa na zuba Naira dubu 20 a wata. Wannan watan malamin ne ya kwasa, Naira dubu 200. Telan ya sani, tun da shi ma ya zuba nasa.

Kuɗin hayar shagon telan Naira dubu 250 ne a shekara. Ya haɗa dubu 100, mai shagon ya ba shi kwana goma. Ya zo gidan malamin bayan sallar Isha'i yana neman dubu 150, ya ce da zarar ɗinkin Sallah ya kankama zai biya. Sallah kuwa saura wata uku.

A nan "babu" ba za ta yi aiki ba, don kuɗin suna nan. Sai dai duk suna da abin da ke jiransu. Makarantu za su koma mako mai zuwa, kuɗin yara uku dubu 105. Hatsin gida ya ƙare, an ware masa dubu 60. Uwargida ta kusa haihuwa, an ajiye dubu 25 saboda asibiti. Abin da ya rage ba tare da wani ya riga ya yi masa suna ba, dubu 10 ne.

Kafin ya buɗe baki, akwai tambayar da ya kamata malamin ya yi wa kansa: idan kuɗin nan suka yi wata shida ba su dawo ba, zai iya ci gaba da gaisawa da telan da fuskar da ya saba? Ba wai telan macuci ne ba. Sana'arsa ce ta lokaci. Ɗinkin Sallah kan zo da kuɗi, amma yakan zo da kuɗin man janareta da zare da ladan yaran shago, ga masu karɓar kaya su ce sai bayan Sallah za su cika. Idan amsar tambayar ita ce a'a, to ba da rancen jinkirta rigima ne kawai. Za a sallami telan da fara'a yau, bayan wata huɗu kuma a fara kauce wa juna a masallaci.

To me zai ce? Da farko ba ya katse shi. Yakan bar shi ya kai ƙarshen bayaninsa, har ya tambaye shi ranar da wa'adin zai cika da kuma ko ya yi magana da mai shagon ido da ido. Wanda aka saurara har ƙarshe ya fi iya haɗiye hani fiye da wanda aka tare tun yana tsakiyar magana. Daga nan sai ya ce wani abu kamar haka:

"Mutumina, na ji daɗi da ka zo wurina, ba ka ɓoye min ba. Ka san na kwashi adashi, ba zan ce maka babu ba. Amma kuɗin na makarantar yara ne da abincin gida, ga mai ɗakina ta kusa. Wannan karon ba zan iya ba ka rancen nan ba. Na faɗa maka yanzu ne don kada ka zauna jirana, kwana goma ba su da yawa."

Maganar gajera ce, amma kowane yanki nata yana da aikinsa. Ta fara da wanke telan daga kunyar roƙo. Ta amsa abin da ya riga ya sani, don haka babu wata ƙarya da za ta tonu. Dalilin da ta kawo ɗaya ne, kuma na gaskiya, wanda ya shafi halin malamin bai taɓa halin telan ba. Hanin ya fito a jimla guda da ba ta da wata fassara. An ce "wannan karon", wanda ke nuna ƙofar ba a rufe take har abada ba. An kuma bayyana cewa saurin amsar don amfanin telan ne.

Akwai abubuwan da malamin ya bari da gangan. Bai jero dalilai biyar ba, domin duk dalilin da aka ƙara sabuwar ƙofar ciniki ce. Idan ya ce kuɗin makaranta ne kuma zai gyara babur kuma yana son yin fenti, telan zai ce fentin ya jira. Bai yi ta ba da haƙuri har abin ya koma kamar shi ne mai laifi ba, wanda hakan kan sa mai nema ya ga da ɗan matsi za a samu. Bai kuma ce masa ai da ya riƙa tara kuɗin haya tun farkon shekara ba. Shawarar na iya zama daidai, amma a wannan daren gori za ta zama.

Idan telan ya ce, "Malam, ko rabi ne ka taimaka," amsar ba ta canzawa, muryar ma ba ta tashi: "Da da hali da ban bari ka maimaita ba. Ba zai yiwu ba a wannan karon. Amma zauna, bari mu ga abin da za a iya yi."

Abin da ake miƙawa a madadin rance

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ke riƙe abotar, muddin akwai wani abu na gaske a bayanta. A misalin nan akwai uku.

Na farko kyauta ce ƙarama. Malamin zai iya ba shi dubu 10 ɗin nan ya ce, "Wannan ba bashi ba ne, ka ƙara a kan abin da ka haɗa." Dole a faɗi haka a fili. Kuɗin da aka bayar ba a ce kyauta ne ko rance ba su ne suka fi haddasa ƙorafi daga baya, ɗaya yana jiran a dawo da su, ɗayan yana ganin an yafe. Dubu 10 ba za su biya haya ba, amma sun isa su nuna cewa hanin ba rowa ba ce. Idan kuma ko su babu, ba a ƙirƙiro su. Kyautar da za ta sa gidan mai bayarwa ya kwana da yunwa za ta dawo da irin haushin da ake gudu.

Na biyu ya fi kuɗin amfani. Kwasar telan a adashin saura wata huɗu. Wanda zai kwasa a wata mai zuwa wataƙila ba ya cikin gaggawa. Musayar layi abu ne da aka saba yi a adashi idan mai riƙe da shi da mutanen biyu suka yarda. Malamin, da yake shi ba roƙon kansa yake ba, ya fi telan bakin da zai nema masa wannan alfarmar. Idan aka dace, telan zai karɓi dubu 200 nan da mako uku ko huɗu, daga kuɗin da dama nasa ne, ba tare da bashin kowa a wuyansa ba.

Na uku shi ne rakiya. Mai shagon da ya ba da kwana goma zai iya karɓar dubu 110 yanzu ya jira cikon zuwa ƙarshen wata, musamman idan telan ya je da mutumin da ake ganin girmansa a unguwa. Neman sabon ɗan haya ma yana da nasa wahalar, kuma masu shaguna sun san haka.

A nan ne kuma tarko yake. Idan mai shagon ya ce, "Malam, ka tsaya masa?" kuma malamin ya ce ya tsaya, to ya ba da rancen da ya ƙi bayarwa ta ƙofar baya. Wanda ya lamunci bashi, shi za a bi ranar da aka kasa biya. Abin da ya dace ya ce shi ne ya san telan tun suna yara, ya kuma san ranar da zai kwashi adashi, amma biyan yana wuyan telan. Haka nan ba taimako ba ne a tura aboki ga manhajojin ba da rance na waya don a rabu da shi. Da yawansu kuɗin ruwansu mai nauyi ne kuma wa'adinsu gajere, wasu kuma sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke cikin wayar wanda ya makara, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta dira a kan wasunsu a 2022. Wanda ya tura abokinsa can, shi ma saƙon zai iya iske shi.

Inda lamarin ke sauya kama

Idan akwai tsohon bashi da ba a biya ba, jarabar ita ce a fake da shi: "Ai na bara ma ba ka kawo ba." Gaskiya ce, amma jefa ta a daidai lokacin da mutum ya zo da sabuwar buƙata tana mayar da hanin hukunci. Ya fi kyau a raba maganganun biyu. A hana na yau da dalilin yau. Bayan an kwana biyu, a wani zama na dabam, sai a ce, "Abokina, batun dubu 40 ɗin nan, yaya za mu yi da shi? Ko dubu biyar-biyar ne a wata ba laifi." Idan kuwa tsohon bashin shi ne ainihin dalilin, to kada a ƙirƙiri wani. Ana iya cewa, "Ba na son kuɗi su taru tsakaninmu har mu fara jin nauyin juna. Mu gama da na baya tukuna." Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma jinkirta tsohon bashi dabam, ƙara sabo a kansa dabam.

Tsakanin mata kuwa, akwai abin da ya kamata a bambance. Gudummawar biki da ƙawa ke kawo wa ƙawarta ranar aure ko suna tana da nata lissafin, ana tunawa, ana kuma ramawa. Wadda ta hana ƙawarta rancen jarin sayar da atamfa ba ta fita daga wannan ba, kuma bai kamata ta bari hanin ya shafe shi ba. Ranar bikin ƙawar ta zo da wuri, ta kawo abin da ta saba kawowa, ta shiga aikin girki. Uzurin da mata suka fi kamawa shi ne, "Kuɗin maigida ne," ko "Ya hana ni." Idan gaskiya ne ba laifi. Idan ba gaskiya ba ne, an sayi sauƙin yini ɗaya an bar ƙawa da ƙullin mijin da bai san hawa ba bai san sauka ba. "Ƙawata, kuɗin nan na zubin adashi ne, in na taɓa su zan ji kunya wurin uwar adashi" ta fi tsafta, in dai haka abin yake.

Akwai kuma iyaka. Duk abin da aka faɗa ya shafi buƙatun da ke iya jira ko suke da wata mafita: haya, jari, gyaran mota, hidimar biki. Idan aboki ya kira daga asibiti an ce sai an ajiye kuɗi kafin a shiga da matarsa tiyata, lissafin ya canza. A nan ko mutum ba shi da adadin, ba ya tsayawa tsara kalamai. Yakan tura abin da ya samu, ya kira sauran abokai a yi karo-karo, ya tafi asibitin. Aboki kan manta an hana shi kuɗin haya, amma da wuya ya manta wanda ya kashe waya a irin wannan daren.

Wurin da ake yin maganar ma yana da tasiri. Ba a hana mutum a majalisa, ko a gaban matarsa, ko gaban yaran shagonsa. Idan a saƙon waya buƙatar ta zo, kira ya fi rubutu, domin rubutaccen "ba zan iya ba" ba ya ɗauke da murya, mai karantawa ne ke sa masa wadda ya ga dama. Barin saƙo a buɗe ba amsa kuwa, alhali mai shi yana ganin alamar an karanta, ya fi kowace irin amsa muni.

Kwanakin da ke biyo baya

Yawancin abotar da ke mutuwa bayan hani, a makonni biyun farko take mutuwa, kuma sau da yawa wanda ya hana ne ke jawowa. Nauyi yake ji, sai ya daina bi ta ƙofar shagon, ya rage zuwa majalisa, ya ga kira ya yi zaton wata buƙatar ce. Telan kuma yana kallon haka a matsayin tabbacin abin da ya ji tsoro: roƙon da ya yi ya zubar masa da daraja.

Maganin shi ne malamin ya riga shi motsawa. Bayan kwana biyu ya kira ya ji yadda aka kwana da mai shagon. Ya biya ta shagon ya zauna kamar yadda ya saba, a sha shayi a yi hirar ƙwallo. Idan yaransa na buƙatar kayan makaranta, ya kai wa telan ɗinkin ya biya cikakken kuɗi ba tare da neman ragi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a wannan makon ne maganar ta fi aiki.

Sirri ma wajibi ne. Ko uwargida aka gaya wa, a gaya mata da sharaɗin ya tsaya nan. Ranar da telan ya ji labarin buƙatarsa a bakin wani, babu kalma mai taushi da za ta gyara. Haka kuma ɗan kawaici yana da kyau: wanda ya ce kuɗinsa na makarantar yara ne, bai kamata a ga hoton sabuwar wayarsa a WhatsApp a makon ba, ko da wani ne ya ba shi kyauta.

Ana gane an samu matsala idan gaisuwa ta gajarce, ko wasan da aka saba ya ɗauke, ko abokin ya koma aiko da saƙo ta bakin wani. Idan haka ta faru, ba a sake buɗe shari'ar kuɗin, ba a kuma aika masa da dogon bayani na kare kai. A ci gaba da zuwa, a ci gaba da gaisuwa, a halarci sunansa da ta'aziyyarsa. Wani zai huce cikin mako guda, wani sai matsalarsa ta warware ya dubi abin da idon basira. Akwai kuma wanda ba zai huce ba, wanda dama abin da ke hannun malamin ne ya kawo shi, kuma da an ba shi dubu 150 ɗin ma rabuwar tana nan tafe a buƙata ta gaba.

Kalmar "wannan karon" kuwa tana da nauyin alkawari, don haka ba a faɗinta sai da niyya. Idan bayan wata shida telan ya dawo neman dubu 30 na gyaran keken ɗinki, malamin kuma yana da halin da zai iya jure jinkirinsu, ya kamata ya bayar. A lokacin sai su yi abin da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da shi, wato rubuta bashi da wa'adinsa. A yau hakan bai wuce saƙon waya guda ba, mai ɗauke da adadin kuɗin da ranar biya, telan ya amsa da cewa ya gani ya kuma yarda, kowannensu ya ajiye a wayarsa.